Jan Biro a Kan Mutuwar Taurari

Ina shekarata ta huɗu da fara koyar da fiziks a wata sakandare a Bakura takardar gasar ta iso. Wata ƙungiya ce ta 'yan asalin yankinmu masu aiki a birane, suka ga dama a shekarar su ɗauki nauyin karatun ɗalibin kimiyya ɗaya har ya gama jami'a. Ɗaya tak, daga Talata Mafara da Bakura da Maradun gaba ɗaya. Don kada a ce sun yi son kai sai suka ce a gwada yara da rubutu: gajeren insha'i, shafi guda, a kan rayuwar tauraro tun daga haihuwarsa a cikin nebula har ya ƙare a farin wada ko baƙin rami. Ban san wanda ya zaɓo wannan batu ba. Mu da ko ma'aunin zafi mai aiki babu a ɗakin gwajinmu, ga shi an tura mu sama.

Ban sha wahalar zaɓen wanda zai wakilce mu ba. Akwai wani ɗalibina ɗan ajin ƙarshe, shekarunsa sha takwas, kullum daga Birnin Tudu yake zuwa a kan keke. Ba shi da surutu, amma in ya yi tambaya ɗaya sai na kwana biyu ina duba littafi. Mahaifinsa manomin albasa ne, kuma bai ɓoye mini komai ba ranar da na je neman izininsa. Bayan mun gama doguwar gaisuwa ya ce, "Malam, in sun ɗauke shi, Allah shi ba da sa'a. In ba su ɗauka ba, ga hwadama nan tana jiranai. Ni dai ba ni iya kai shi gaba, kai ma ka sani." Na sani kuwa. Wannan shafi guda shi ne jami'ar yaron, ko dai ta samu ko ta tafi.

Mako biyu aka ba mu. Kullum in an tashi sai mu koma aji ni da shi, da guntun alli. Na fara masa daga nebula, wato wani makeken gajimare na iskar gas da ƙura a sararin samaniya, mafi yawansa haidurojin. Inda gajimaren ya ɗan fi kauri, nauyinsa sai ya riƙa jawo abin da ke kewaye, ya dunƙule, ya matse, cikinsa ya yi ta ƙara zafi, har zafin ya kai inda ƙwayoyin haidurojin ke haɗewa su zama hiliyam. Wannan haɗewar ce ke fitar da haske da zafi, kuma ranar da ta kama, an haifi tauraro. Daga nan yana zaune ne tsakanin abu biyu: nauyinsa na danna shi ciki, zafin cikinsa na tura shi waje. Muddin akwai haidurojin a tsakiyarsa, babu wanda zai kayar da wani. Ranarmu ma tauraro ce, kuma a wannan hali take yanzu, ta ci kusan rabin shekaru biliyan goma da za ta yi a haka.

Sai na ja layi a allo, na raba shi biyu. Na ce masa a nan gaba ɗaya maganar take, in ya manta komai kada ya manta wannan mararraba. Nauyin da aka haifi tauraro da shi ne ke zaɓa masa hanya. Mai nauyi irin na rana, in haidurojin na tsakiyarsa ya ƙare, sai ya kumbura ya zama jan ƙato, ya koma haɗa hiliyam yana yin kabon da oksijin, daga baya ya zubar da sassansa na waje. Abin da zai rage shi ne tsakiyar, ƙarama kamar girman duniyarmu amma mai nauyin gaske, tana haske fari tana hucewa a hankali. Shi ne farin wada, kuma a nan tafiyarsa ta tsaya. Amma wanda ya ninka rana nauyi kamar sau takwas ko fiye, shi ba ya tsayawa a kabon. Yana ta haɗa abu mai nauyi bayan mai nauyi har tsakiyarsa ta zama ƙarfe, ƙarfe kuwa haɗa shi ba ya ba da zafi. Sai abin da ke turawa waje ya ɗauke, tsakiyar ta rufta cikin ƙiftawar ido, sauran jikin ya tarwatse da fashewar da ake kira sufanoba. Abin da ya rage ya zama tauraron niyutiron, in kuma nauyin ya wuce misali ya ci gaba da ruftawa ya zama baƙin rami, inda ko haske ba ya iya fitowa.

Ya daɗe yana kallon allon. Ya ce, "Malam, wane ka riga mutuwa, babban ko ƙaramin?"

Na ce babban, nesa ba kusa ba. Rana tana lissafin biliyoyin shekaru, manyan kuwa miliyoyi kawai suke samu, don suna ƙone abin da ke cikinsu da gaggawa.

Ya yi murmushi. "Kamar babban injin ban-ruwa ke nan. Tankinai ya hi girma, amma shi ka riga shanye mai."

Na ce ya sa wannan a rubutunsa. Ranar na koma gida ina jin kaina, har matata ta tambaye ni ko ƙarin girma aka yi mini.

An yi rubutun a Talata Mafara, a ɗakin taron wata makaranta, ranar Asabar. Washegari aka zauna maki. Mu uku aka sa: ni daga Bakura, wata malamar bayoloji daga Maradun, sai shugaban zaman daga Mafara. Sai da na shiga ɗakin na ga ko wane ne shugaban, nan take na cire takalma na durƙusa. Malamina ne. Shi ya koya mini kimiyya tun ina aji ɗaya. Lokacin da babana ya so cire ni daga makaranta in bi ƙanensa fatauci, wannan mutum ne ya taka har ƙofar gidanmu sau uku, bai bari ba sai da aka bar ni. Ya yi ritaya, gemunsa ya yi fari fat, amma muryar tana nan. Ya dafa kaina ya ce wa malamar, "Wanga ɗana na. Ni niy yi shi." Kuma gaskiya ya faɗa.

Ya ciro takardar da za mu bi wajen ba da maki, wadda malamai ke kira sikim. Shi ƙungiyar ta ba wa aikin rubuta ta. Ya gyara tabarau ya karanta mana, mataki shida a jere: nebula, tauraro, jan ƙato, fashewa, farin wada, baƙin rami. Kowane mataki da makinsa, sannan maki mai tsoka ga wanda ya jero su daidai, da wani kuma ga wanda ya faɗi cewa ita ma rana a ƙarshe baƙin rami za ta zama.

Tun bai kai na huɗu ba na gane wannan jerin. Yana cikin littafina na aji uku da rubutun hannuna. A zamaninmu ba mu da littafin karatu. Malam ke tsayawa ya karanto not, mu kuma mu rubuta, kuma shi ma haka ya samo shi daga nasa malamin. Na tabbata a asalin littafin da aka fara kwafowa zane ne mai reshe biyu. Amma reshe ba ya karantuwa da baki. Wani bawan Allah can baya da ya zo karanto wa ɗalibai sai ya miƙar da zanen, ya sa masa lamba ɗaya zuwa shida, tauraron niyutiron ma ya faɗi a hanya ba wanda ya tsince shi. Tunda ba a cika tambayar taurari a jarrabawar fita ba, babu wanda ya taɓa komawa ya duba. Ni kaina sai a kwaleji na ga zanen gaskiya, na yi dariyar tsohon not ɗina na wuce. Ban taɓa tunanin zai biyo ni har nan ba. Malaman kimiyya da yawa a yankin nan ɗaliban Malam ne, kuma not ɗinsa suke karantowa har gobe.

Na gyara murya. Na ce, "Allah shi gafarta Malam, na ga kamar wasu littattafai na yanzu suna raba abin gida biyu."

"Littattafan yanzu," in ji shi, yana dariya. "Kowa da nashi. Mu dai sikim muka bi, ɗana. In anka bar sikim an bar adalci."

Kuskuren nawa ke nan na farko: na ce "na ga kamar", na ce "wasu". Abin da na sani sarai kamar sunana na mayar da shi ra'ayi, don kada ya yi wa Malam nauyi a gaban baƙuwa. Malamar ta kalle ni ta gefen ido. Da Malam ya juya yana raba takardu ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ni ba hwannina ba na, amma na ga huskarka. In akwai magana ka hwaɗe ta yanzu." Na ce mata bari a ga yadda takardun za su kasance.

Lambobi aka sa a takardun maimakon suna, kuma ba a ba kowa na garinsa ba. Ni na Maradun suka faɗo wa. Yawancinsu jerin nan shida ne, wasu har da waƙafi iri ɗaya. Na riƙa ba su maki ina jin kamar ina tauna yashi. Kafin azahar muka ware biyar da suka fi, aka ce waɗannan sai mu uku mun duba tare, kowa ya sa hannu. Takardar ɗalibina ba ta cikinsu. Na hango ta a gefen hannun Malam, na gane rubutun tun daga nesa, ƙanana a tsaye, ba ya taɓa tsallake layi.

Malam da kansa ya ɗago ta. Ya ce, "Ga wata nan ta ba ni tausai. Turancin yaron ga ya hi na kowa, amma ya watsa tsari. Ku duba, wai hwarin wada ba shi zama baƙin rami. Wai rana ba ta kai can. Wa ka koya ma yara hakanga?" Ya ce a haɗa ta da biyar ɗin ta zama ta shida, saboda kyan rubutu, mu sa mata hannu ita ma. Ya miƙo mini. Na karanta ta daga sama har ƙasa, babu kuskure ko ɗaya. Injin ban-ruwan na nan a sakin layi na uku. A ƙarshe yaron ya rubuta cewa rana ba ta da nauyin da za ta fashe, za ta kumbura ne ta zubar da jikinta ta bar farin wada. A kan wannan jimla Malam ya ja jan biro sau biyu. Na lissafa a zuci: da an mayar masa da makin jeri da na rana, ya wuce na ɗaya da tazara.

Aka tashi salla. Bayan mun idar na tsaya har mutane suka ragu, na bi Malam gindin wata bishiyar bedi inda ya ajiye takalmansa. Na durƙusa na ce ina da magana. Wannan karon ban ce "kamar" ba. Na ce sikim ɗin ba daidai yake ba, farin wada da baƙin rami ƙarshen taurari biyu ne daban, ba matakai ne na tauraro ɗaya ba. Na ciro waya na buɗe masa hoton shafin littafin kwaleji, zanen nan mai reshe biyu. A rayuwata ban taɓa ce wa mutumin nan ya yi kuskure ba.

Ya karɓi wayar ya nisantar da ita daga idonsa, ya bi reshen sama da yatsa, ya dawo ya bi na ƙasa. Malam ba jahili ba ne. Na ga lokacin da abin ya shige shi, fuskarsa ta sauka. Ya ce, "Na gani."

Sai ya ce, "Shekara talatin da wani abu ina hwaɗin wanga abu. Yaran da takardunsu ag ga ɗakin can, malamansu ni nik karanto musu shi. In na shiga yanzu nic ce a sake sikim, duk sun hwaɗi, kuma laihin wa? Gobe Mahwara duka ta ji." Ya miƙo mini wayar. "Yaron naka na?"

Na ce nawa ne, kuma ba shi da wata hanya sai wannan.

"Allah ya buɗa mai wata. Ka bari sai baɗi, ni da kaina ni ka gyara shi. Ka ruhwa mini asiri, ɗana."

Na sha ba kaina labarin nan ta hanyoyi da yawa, kuma a kowanne ina neman inda zan ce an tilasta mini. Babu. Bai yi mini tsawa ba, bai tuna mini zuwansa gidanmu ba. Roƙo ya yi. Da na koma ɗakin na ce ba zan sa hannu ba, malamar Maradun za ta goya mini baya, ta riga ta nuna. Mu biyu ne, shi ɗaya. Ko waya ɗaya na buga wa mutanen ƙungiyar, da an dakatar da sakamakon. Duk na san wannan a lokacin, ba daga baya na gano ba. Amma a yadda aka rene mu, tsirara ta fi sauƙi a kan ka kunyata malaminka a bainar jama'a, kuma na auna kunyar tsoho da karatun yaro, na zaɓi wadda idona ke gani a gabana.

Muka koma. Takardun shida suka zagayo. Malamar ta riƙe ta ɗalibina ta daɗe, ta dube ni. Na sunkuyar da kai. Ta sa hannu ta turo mini, ba ta ƙara yi mini magana ba har muka rabu. Na sa nawa a ƙasan nata, sa hannuna mai doguwar jela wanda kowane ɗalibina ya sani.

Wata yarinya daga Mafara ta ci. Ba ni da abin cewa a kanta, abin da aka koya mata ta rubuta, kuma ta rubuta shi tsaf. Baɗin da Malam ya ce bai zo ba, domin ƙungiyar ba ta sake yin gasar ba. Ya rayu shekaru bayan haka, ina zuwa gaishe shi duk salla, bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Ina jin haushinsa har yau, kuma ina yi masa addu'a har yau, ban ga ɗayan ya hana ɗayan ba. Amma haushin da nake ji nasa bai kai rabin wanda nake ji na kaina ba. Not ɗin nan mai lamba shida na sake ganinsa bara a littafin 'yar maƙwabcina.

Abin da ban sani ba a ranar shi ne za a mayar wa kowace makaranta takardun ɗalibanta, wai don yara su ga inda suka yi kuskure. Bayan mako uku suka iso ofishin shugaban makaranta, shi kuma ya ba yaron tasa ba tare da na sani ba. Ina zaune a ɗakin malamai ni kaɗai bayan an tashi, ina cike rajista, yaron ya yi sallama. Takardar na hannunsa a ninke. Na ce to, yau ranar ta zo. Har na ji wani irin sauƙi. Na shirya ya tambaye ni yadda aka yi hannuna ya hau kan wannan, in ya zage ni ma na ɗauka.

Ya durƙusa nesa da teburin. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Sannan ya ce, "Malam, haƙuri niz zo ba ka."

Na ce haƙurin me.

"Ka ɓata sati biyu a kaina, ni kuma nib ba ka kunya gaban manya. Na ɗauka na gane abin, ashe juya shi niy yi." Ya buɗe takardar ya nuna jan layin nan biyu, sannan ya sauke yatsa ƙasa inda sa hannuna yake. "Da hwarko na ce ko ba su duba da kyau ba. Sai nig ga hannunka. Na san da daidai nike, ba ka sa wa."

Allon da na zana masa reshen nan biyu yana aji na gaba, taku goma daga inda muke. Magana ɗaya ce: kai ne daidai, mu ne muka yi kuskure, ni kuma na sani na sa hannu. Ba za ta dawo masa da jami'a ba, amma da ya tafi da abin da ya sani. Ya tsaya yana jira, idonsa a ƙasa. Na buɗe baki.

Na ce, "Ba komai. Allah ya sa haka shi ne mafi alheri."

Ya ce amin. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce mahaifinsa na gaishe ni, an fara dashen albasa shi ya sa ba zai daɗe ba. Na ji ƙarar kekensa har ya fita ƙofar makaranta.